Ciniki 900,000, kashewa 620,000: me ya sa harajin bai tsaya a kan 280,000 ba?

*Tambaya: Ni mai haɗa wutar lantarki ne a gidaje, kaina nake yi wa aiki, ba ni da kamfani. A shekarar da ta wuce na yi cinikin 900,000, na kashe 620,000, ciki har da albashin da nake biyan kaina 120,000 da motar ɗaukar kaya da na saya 80,000. A lissafina ribata 280,000 ce. Akantan da na kai wa takarduna ya ce ribar da za a ɗora wa haraji ta kusa ninka wannan. Ta yaya? Waɗanne kuɗi ne ba a yarda a cire ba?*

Malam, akantanka bai cuce ka ba. Lissafinka daidai yake idan abin da kake son sani shi ne nawa ya rage a hannunka. Hukumar haraji kuwa ba wannan take tambaya ba. Ita tambayarta ita ce nawa sana'ar ta samar bayan an fitar da abin da aka kashe domin a samo shi. Kuɗi na iya fita daga aljihunka ta hanyoyi da yawa, amma doka ba ta ɗauki kowace fita a matsayin ɗawainiyar sana'a ba. Adadin kaso da iyakoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai dai ƙashin bayan lissafin kusan ɗaya ne a ko'ina, don haka zan bi shi a kan alkalumanka. Abubuwa biyu ka ambata da suna. Sauran 420,000 ɗin zan rarraba su yadda ake yawan samu a littafin mai sana'a irin taka, kai kuma sai ka sa naka na gaskiya a gurbinsu.

Kafin a taɓa kashewa, a tabbatar da cinikin kansa. Jimillar ciniki ita ce duk abin da ka caji mutane a kan aiki da kaya, kafin a cire komai. Bashin da ka ci a banki ba ciniki ba ne, ko da ya shiga asusu ɗaya da kuɗin aiki. Haka kuɗin da ka zuba daga aljihunka. Idan kana da rajistar harajin kayan masarufi, wanda kake karɓa daga abokin ciniki ka miƙa wa hukuma, shi ma ba naka ba ne, ba ya shiga. A ɗaya ɓangaren kuma, idan wani babban abokin ciniki ya cire haraji daga kuɗinka kafin ya biya ka, cikakken adadin da ka caje shi za ka rubuta a ciniki, abin da ya cire kuma a rage maka shi daga harajin da za ka biya a ƙarshe. Mutane da yawa suna rubuta abin da ya shigo asusu kawai, su manta da neman wannan ragin. Zan ɗauka 900,000 ɗinka ta tsallake duk wannan.

Ma'aunin da ake auna kowace kashewa da shi gajere ne. A Birtaniya da ƙasashen da suka gaji tsarinta, doka ta ce sai kuɗin da aka kashe gaba ɗaya kuma kaɗai domin sana'ar. A Amurka ana cewa sai kashewar da aka saba yi a irin wannan sana'a kuma ake bukatarta. Lafazin daban, amma duk suna duba manufa: don me aka kashe kuɗin? Akwai tambaya ta biyu da ke biye da ita: abin da aka saya ya ƙare a cikin shekarar, ko kuwa kadara ce da za ta daɗe tana aiki? Kusan duk abin da akantanka ya soke, a ɗaya daga cikin waɗannan biyun ya faɗi.

Mu fara da albashinka, tunda shi ne mafi girma a cikin abin da aka soke. Mai sana'ar da ba kamfani ba, shi da sana'arsa mutum ɗaya ne a idon doka. Ba za ka iya ɗaukar kanka aiki ba, saboda haka ba za ka iya biyan kanka albashi ba. Wannan 120,000 ɗin ɗiba ce daga riba, kamar mutum ne ya cire kuɗi daga aljihun dama ya sa a na hagu. Ko ka ɗebi 120,000, ko ka ɗebi 500,000, ko ba ka taɓa ko sisi ba, harajinka ba zai motsa ba, domin a kan ribar gaba ɗaya ake ɗora shi, ba a kan abin da ka kai gida ba. A nan ne mai kamfani ya bambanta da kai: kamfani mutum ne mai zaman kansa a doka, yana iya biyan mai shi albashi ya cire, amma sai mai shi ya biya haraji a kan albashin.

Yaron da ke taya ka aiki daban ne. A ce ka biya shi 72,000 a shekara. Wannan ana cirewa duka. Ko da ɗanka ne ko matarka, ana cirewa, bisa sharaɗi uku: aikin na gaske ne, an biya kuɗin a zahiri, kuma adadin bai wuce abin da za ka biya bare a kan aikin ba. Wanda ya rubuta wa matarsa albashin cikakken ma'aikaci alhali amsa kira kawai take yi sau biyu a mako, za a bar masa abin da ya dace da aikin a soke sauran.

Abin da ke bin sahun albashinka shi ne harajin bara. A ce ka biya 15,000 ka rubuta a cikin kashewa. Ba a cirewa. Harajin kuɗin shiga rabo ne da hukuma take ɗauka daga riba bayan an same ta, ba kuɗin da aka kashe don samo ta ba. Kuɗin lasisin sana'a da kuɗin sabunta takardar shaidar ƙwarewarka kuwa ana cirewa, domin idan babu su ba ka da izinin yin aikin.

Sai motar. A nan mutane suka fi jin haushi, domin babu shakka don aiki ka saye ta. Matsalar ba manufa ba ce, tambaya ta biyu ce. Mota za ta yi maka aiki shekaru, don haka doka ba ta yarda a ɗora wa shekara ɗaya nauyinta a matsayin ɗawainiyar yau da kullum ba. Kuɗin bai ɓata ba. Ana mayar maka da shi ta wata ƙofa, wato rangwamen kadara, wanda doka ta ƙayyade kasonsa bisa nau'in kadarar. Idan akanta ya rubuta raguwar darajar mota a littafinka bisa nasa ƙiyasin, wannan ma ana soke shi a lissafin haraji a sa na doka a madadinsa, domin da an bar kowa ya ƙiyasta da kansa, kowa zai ce motarsa ta tsufa a shekara ɗaya. Wasu ƙasashe, ciki har da Birtaniya da Amurka, suna da tanadin da ke ba ƙaramin ɗan kasuwa damar cire kuɗin injuna da kayan aiki gaba ɗaya a shekarar da ya saya, har zuwa wata iyaka. Motar ɗaukar kaya takan shiga wannan tanadi, motar hawa kuwa sau da yawa ana ware ta ko a takaita ta. Wannan shi ne wuri na farko da zan so ka koma ka tambayi akantanka, domin idan tanadin yana aiki a ƙasarka, lissafin zai sauka sosai. A misalinmu zan ɗauka babu shi, kuma kason shekara 25 cikin ɗari ne, wato 20,000.

Iyakar da ke tsakanin kadara da gyara tana da santsi. Idan injin huda bango ya lalace ka canja masa wani sashe, gyara ne, ana cirewa nan take. Idan ka sa wa motar sababbin tayoyi, gyara ne. Idan ka ƙera mata akwatunan ajiye kaya da tsani a sama waɗanda da ba ta da su, ka ƙara mata wani abu ne, kadara ce. Tambayar da nake yi ita ce: an mayar da abin yadda yake a da, ko an mai da shi abin da bai taɓa zama ba? Ƙananan kayan hannu irin su filaya da sukundireba, waɗanda ke ɓata ko karyewa a kai a kai, galibi ba a wahalar da kai a kansu, ana cire su a matsayin kashewar shekara.

Bashi ma yana da irin wannan tarko. A ce ka ci bashin banki don sayen kayan aiki, a shekarar ka biya 24,000, daga ciki 4,000 kuɗin ruwa ne, 20,000 uwar kuɗi. Kuɗin ruwan kaɗai ake cirewa. Dalilin a bayyane yake idan ka bi sawun kuɗin: lokacin da bashin ya shigo ba a ƙirga shi a ciniki ba, kuma wayar wuta da soket ɗin da ka saya da shi an riga an cire su a matsayin kayan aiki. Idan aka sake cire uwar kuɗin, an cire abu ɗaya sau biyu ke nan.

Yanzu mu shiga inda aka fi yin gardama, wato abin da ke yi wa sana'a aiki kuma yake yi maka aiki kai kanka. Irin wannan kashewa iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne abin da ya fi dacewa ka riƙe daga duk amsar nan.

Iri na farko shi ne wanda ake iya rabawa. Man mota da gyaranta da inshorarta, a ce 40,000. Kowace tafiya tana da manufarta: wannan zuwa wurin aiki ce, waccan kai iyali ziyara ce. Idan ka yi kilomita 20,000 a shekara, 15,000 na aiki, to kashi uku cikin huɗu na sana'a ne, a cire 30,000 a bar 10,000. Wannan kason zai bi rangwamen motar ma: 20,000 ɗin da muka ce zai koma 15,000. Wayar salula haka take. Idan ka kashe 8,000 kuma rabin kiran na aiki ne, 4,000 za a cire. Ɗakin da ka ware a gida don ajiye kaya da rubuta takardun farashi shi ma ana iya ba shi kasonsa na haya da wuta, bisa girman ɗakin da yawan lokacin da ake aiki a cikinsa.

Iri na biyu shi ne wanda ba ya rabuwa, domin manufa biyun suna cikin abu ɗaya a lokaci ɗaya. Shari'ar da ta fi shahara a kan wannan ita ce ta wata lauya a Ingila, Ann Mallalieu, wadda kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Iyayen Ƙasa, ta yanke a 1983. Ƙa'idar kotu ta tilasta mata sa baƙaƙen tufafi marasa ado, ita kuma ta ce ba ta sa irinsu a rayuwarta ta waje, don haka ta nemi a cire mata kuɗin sayensu da wankinsu. Ba a ƙaryata ta ba. Duk da haka ta sha kaye, domin mafi yawan alƙalan sun ce duk mai sa tufafi yana bukatar suturta jikinsa da kare shi daga sanyi, ko ya yi tunanin haka lokacin saye ko bai yi ba, kuma ba yadda za a yi a ware wannan bukata daga ta aiki. Ga mai sana'arka ma'anar ita ce: takalmin kariya, safar hannu mai hana jan wuta, hular kwano da rigar aiki mai ɗauke da sunan sana'arka duk ana cirewa. Wando da riga na yau da kullum ba a cirewa, ko da a wurin aiki kaɗai kake sa su, ko da aikin ne ya yayyaga su.

Abincin rana a kan wannan ma'auni yake faɗuwa. Za ka ci abinci ko kana aiki ko ba ka yi. Inda ake sassautawa shi ne idan aiki ya kai ka wani gari har ka kwana. A nan kuɗin masauki da abinci daidai gwargwado sukan shiga. Kuɗin asibiti, kuɗin makarantar yara da kuɗin mai reno duk na rayuwarka ne, duk da cewa gaskiya ne ba za ka iya fita aiki ba idan ba ka da lafiya ko babu mai kula da yaran. Ni kaina ina ganin hukuncin kuɗin reno yana da tsauri, musamman ga mata masu sana'a, amma haka dokar take a yawancin wurare. Inda ake ba da sauƙi a kansa, ta wani tanadi daban ake bayarwa, ba ta lissafin ribar sana'a ba.

Tafiya daga gida zuwa wurin aiki tana bukatar kulawa ta musamman, domin amsarta ta danganta da yadda sana'arka take. Idan kana da shago ko wurin ajiya da kake zuwa kowace safiya, tafiyar gida zuwa can ba ta sana'a ba ce. Kai ka zaɓi inda za ka zauna. Daga shagon zuwa gidan abokin ciniki kuwa ta sana'a ce. Idan ba ka da wani wuri sai gidanka, a nan kayanka suke, a nan ake nemanka, daga nan kake fita zuwa wurare daban-daban, to gidan shi ne cibiyar sana'ar, kuma tafiyar tana shiga. Kotu a Ingila ta yanke haka a farkon shekarun 1970 a shari'ar wani magini mai suna Horton, wanda ke yawo daga wannan wurin gini zuwa wancan. Masu aikin wuta da famfo da yawa suna cikin wannan rukuni ba su sani ba, wasu kuma suna zaton suna ciki alhali wata takwas suka yi suna zuwa wuri ɗaya kullum, abin da ke raunana hujjar tasu.

Akwai kuma kashewar da manufarta ta sana'a ce tsantsa, amma doka ta hana da gangan. Babba a cikinsu ita ce karɓar baƙuncin abokan ciniki. Ka kai ɗan kwangila cin abinci don ya ba ka aiki, ka kashe 9,000 a shekara a kan irin wannan. Ba wanda zai ce ba don sana'a ka yi ba. Amma a Birtaniya an haramta cire shi gaba ɗaya, a Amurka rabin kuɗin abincin ake bari, kuɗin kai mutum kallon wasa da makamantansa kuma an daina cirewa tun 2018. Dalilin masu doka shi ne ba za a iya tantance inda kasuwanci ya ƙare da inda jin daɗi ya fara ba, don haka suka toshe ƙofar. Kyauta ga abokin ciniki ma haka take, sai 'yar ƙarama mai ɗauke da tallan sana'ar, irin kalanda ko biro. Talla ta gaskiya, wadda ake yi wa jama'a gaba ɗaya, ana cire ta duka. A misalinmu zan soke 9,000 ɗin.

Tara ita ce ta biyu. Ka ajiye mota inda aka hana don ka sauke kaya, aka ci ka tarar 2,000. A bakin aiki kake, amma ba a cirewa, domin tara horo ce, kuma da an bari a cire ta, hukuma ce za ta riƙa biya maka wani kaso na horon da ta yi maka. Tarar jinkirin biyan haraji haka take. Cin hanci kuwa ba a ma maganarsa. Diyyar da ka biya abokin ciniki saboda yaronka ya fasa masa silin a wurin aiki daban ce. Wannan hatsarin sana'a ne, kuma yawanci tana shiga. Sadaka da gudummawa ba ɗawainiyar sana'a ba ne, ko da yake ƙasashe da yawa suna ba da rangwame a kansu ta wata hanya idan ƙungiyar da aka ba tana da rajista.

Saura kayan aiki, wanda shi ne kaso mafi girma: wayar wuta, soket, makunni, bututu, a ce 250,000. Wannan halastacciyar kashewa ce, amma akwai tambaya ɗaya: nawa ne ya rage a ajiye ranar ƙarshen shekara? Idan lissafinka na cikakken tsari ne, wanda ke ƙirga ciniki ranar da aka yi aiki ba ranar da aka biya ba, to kayan da ba ka yi amfani da su ba ba a cire su sai shekarar da suka shiga aiki. Idan na 30,000 suna nan a ajiye, 220,000 za a cire bana. Ƙasashe da dama suna barin ƙananan masu sana'a su bi tsari mai sauƙi na abin da ya shigo da abin da ya fita. A can 250,000 ɗin duka za ta fita, amma kuma ba za ka iya cire bashin da aka ƙi biyanka ba, tunda tun farko ba ka ƙirga shi a ciniki ba. Kuma idan ka ɗebi kaya daga ajiyar ka gyara wutar gidanka, sai an mayar da kuɗinsu cikin lissafi. A wasu ƙasashen ma ba a farashin da ka saya za a mayar ba, a farashin da za ka sayar.

Idan aka tattara, abin da ya tsira daga 620,000 shi ne kayan aiki 220,000, albashin yaro 72,000, ɗawainiyar mota 30,000, salula 4,000 da kuɗin ruwa 4,000, jimilla 330,000. A cire daga 900,000, saura 570,000. A cire rangwamen mota 15,000, ribar haraji ta zama 555,000. Ka ga ta yi daidai da abin da akantanka ya faɗa, ta kusa ninka 280,000.

Ba a kan 555,000 ɗin kai tsaye ake ɗora kaso ba. Ana haɗa ta da duk wani kuɗin shiga da kake da shi, a cire kason da doka ta yafe wa kowane mutum, sannan a bi matakan haraji. Don misali kawai, a ce an yafe 100,000 na farko kuma kason haraji 20 cikin ɗari ne. A lissafinka za ka biya 36,000, a na doka 91,000. Tazarar 55,000 ita ce abin da za a biyo ka da shi daga baya, tare da kuɗin ruwa da wataƙila tara, da ka miƙa lissafinka yadda yake. A ƙasashe da yawa kuma akwai gudummawar inshorar jama'a ko fansho da ake lissafawa a kan wannan ribar, saboda haka kuskure a nan yana haifar da kuskure a can.

Wannan misalin yana nuna wani abu da ya kamata a faɗa, domin ana yawan ba masu sana'a gurguwar shawara a ƙarshen shekara cewa su yi ta saye don su rage haraji. Idan kasonka 20 cikin ɗari ne, kashe 10,000 yana rage maka haraji da 2,000 ne kawai; sauran 8,000 daga jikinka suka fita. Abin da kake bukata ko yaya, sayensa kafin shekara ta rufe yana da amfani. Abin da ba ka bukata, asara ce mai ɗan rangwame.

Akanta yana soke abin da ya gani ne, ba ya iya ƙara abin da ba ka kawo masa ba, kuma masu sana'ar hannu sun fi yin asara ta wannan ɓangaren fiye da yadda suke zato. Duba ko ka rubuta inshorar da ke kare ka idan aikinka ya jawo wa wani ɓarna, cajin banki a asusun sana'a, kuɗin gwada na'urorin awo, kason ɗakin gida, da kuɗin akantan kansa na shirya lissafin sana'ar. Kwas ɗin da ka yi don sabunta iliminka a kan ƙa'idojin haɗa wuta yana shiga. Kwas ɗin koyon wata sana'a dabam, a ce gyaran mota, ba ya shiga. Bashin da wani takamaiman abokin ciniki ya ƙi biya, ka bi ka gaji, ana cire shi idan ka riga ka ƙirga shi a ciniki. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka ware wani kaso a dunƙule ka ce wataƙila wasu ba za su biya ba.

Dangane da yadda ake gano kuskure, jami'in haraji ba ya fara da rasit ɗaya-ɗaya. Yana fara da siffar lissafin. Ya san kusan nawa kayan aiki ke ci a cikin cinikin mai haɗa wuta, don haka idan naka ya yi nisa da na sauran zai tambaya. Mota ɗaya tilo a gida wadda aka ce ɗari bisa ɗari ta aiki ce tana jawo ido. Haka alkaluman da duk suka ƙare da sifili uku, da babban adadi a ƙarƙashin “sauran abubuwa”, da ribar da ba za ta iya ɗaukar hayar gidan da mutum yake zaune ba. Idan ya tambaya, nauyin kawo hujja a kanka yake, kuma takardar banki kaɗai ba ta isa ba, domin tana nuna an biya kuɗi ne, ba ta nuna abin da aka saya. Shi ya sa ake ajiye rasit na shekarun da doka ta ƙayyade, waɗanda a wurare da yawa sukan kai biyar ko shida.

Kason aiki da na gida shi ne inda hujja ta fi rauni, kuma shi ne ya fi sauƙin gyarawa. Kashi uku cikin huɗu da muka ba motar ba a yarda da shi don ka faɗa. Ana yarda da shi idan akwai littafin da ke nuna kwanan wata, inda aka je, dalili da kilomita. Idan ba ka rubuta na bara ba, ɗauki littafin ayyukanka da takardun cajin da ka ba mutane, ka fitar da nisan kowane wurin aiki, ka gwada jimillar da abin da mitar motar ta nuna tsakanin farkon shekara da ƙarshenta, wanda sau da yawa za ka samu a takardun gareji. Na salula kuma, bayanin kira na wata biyu ko uku da aka tantance ya isa ya zama ma'aunin shekarar. Da waɗannan a hannu za ka koma wurin akantan, tare da tambayoyi biyu: ko motar ta cancanci a cire kuɗinta gaba ɗaya a shekarar saye, da kuma wane tsarin lissafi ya bi da kayan da suka rage a ajiye. A misalinmu, idan amsar ta farko e ce, rangwamen motar zai tashi daga 15,000 zuwa 60,000, idan kuma tsari mai sauƙi ya halatta gare ka, wata 30,000 za ta sauka daga ribar bana.